Ɗana, ga takardar ajiye aikinka na gyara

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na yi murna ƙwarai da labarin sabon aikin da ka samu, Allah ya sanya albarka a ciki. Na kuma ga takardar ajiye aikin da ka turo mini in duba kafin ka miƙa. Ka kyauta da ba ka kai ta haka ba, domin sau uku na karanta ta, kuma akwai gyara.

Na shafe shekaru ina zaune a teburin da irin waɗannan takardu ke sauka, saboda haka na san inda taka za ta kwana. Manajanka zai karanta ta sau ɗaya, ya sa hannu a gefe, a huda ta a saka cikin fayil ɗinka. Ita ce za ta zama shafi na ƙarshe, wato na sama idan an buɗe. Wata rana wani wurin aiki zai rubuto yana tambayar halinka, kuma mai yiwuwa wanda zai ɗauko fayil ɗin bai taɓa ganin fuskarka ba. Shi nake so ka riƙa tunawa kana rubutu.

Shi ya sa na soke sakin layinka na biyu gaba ɗaya, inda ka ce shekara huɗu kana aikin mutum biyu ba a ƙara maka komai ba, kuma an tsallake ka an ba wani girma. Na san gaskiya ka faɗa, na kuma san yadda abin ya ci maka rai. Amma takardar ajiye aiki ba ta ƙwato wa mutum haƙƙi. Idan akwai kuɗin da kake bi, wannan wata takarda ce daban, da lissafinta. Na taɓa ganin wani akawu mai ƙwazo ya cika shafi biyu da laifin shugabansa ranar da zai tafi. Bayan 'yan shekaru ya buƙaci takardar shaida, aka ɗauko fayil, wanda zai rubuta ya karanta shafukan nan biyu, ya ba shi layi uku busassu: ranar da ya fara, ranar da ya bari, da muƙaminsa. Na ji masa zafi, domin ya fi ƙarfin haka.

Na cire sunan sabon wurin da albashin da za su ba ka. Ba su da hurumi a nan, kuma ga mai karatu suna kama da gori. "Na samu wata dama ta ci gaba" ya isa. Na kuma cire "ina roƙon a ba ni izinin tafiya" da ban-haƙurin da ka jera har sau uku. Sanarwa kake yi cikin ladabi. Wanda ya nemi izini ya buɗe ƙofar a ce masa ya dakata sai an sami madadinsa.

Babban gyaran yana wurin kwanan wata, kuma nan nake so ka natsu. Ka rubuta cewa za ka bar aiki "zuwa ƙarshen wata mai zuwa". Wannan ba rana ba ce. Mai lissafin albashi yana buƙatar rana ɗaya tak da zai tsayar da biyanka, ya ƙirga sauran hutunka. Ka ce mini takardar ɗaukarka aiki ta ce wa'adin wata ɗaya ne. A yawancin wurare wa'adin yana fara ƙirguwa ne daga ranar da ofis ya karɓi takardar, ko da ka rubuta ta mako guda kafin nan. To, idan ka miƙa ranar 3 ga Maris, ranarka ta ƙarshe ita ce 3 ga Afrilu. Sabon wurin kuwa sun ce ka fara 1 ga Afrilu. Ka ga kwana uku sun hau kan juna, kuma ba ka lura ba.

Mafita mafi sauƙi ita ce ka roƙi sabon wurin su ɗaga maka zuwa mako na gaba. Mai ɗaukar ma'aikaci yakan ji daɗin ganin mutum yana cika wa'adi, don ya san haka za a yi masa wata rana. Idan sun ƙi, ka nemi a cire kwanakin daga hutun da kake bi, amma sai manajanka ya amince a rubuce. Wasu yarjejeniyoyin suna ba da damar biyan kuɗi a madadin wa'adi. Ka sake karanta taka ka gani. Abin da ba na so shi ne ka ɓace kwana uku kafin lokaci, a rubuta a fayil cewa ka gudu daga aiki.

Ga yadda ta koma. A sama ka sa adireshinka da kwanan wata, ka yi ta zuwa ga wanda ya sa hannu a takardar ɗaukarka, ta hannun shugaban sashenka.

"Ranka ya daɗe,

Sanarwar ajiye aiki

Ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na akawu a sashen rajista. Bisa wa'adin wata ɗaya da ke cikin takardar ɗaukata aiki, ranar aikina ta ƙarshe ita ce 3 ga Afrilu.

Na samu wata dama ta ci gaba, wadda na yanke shawarar karɓa. Ina godiya da shekara huɗun da na yi a nan, musamman horon da na samu kan adana fayiloli da tsara rajistar wasiƙu.

Kafin ranar, zan kammala shigar da wasiƙun da ke hannuna, in rubuta takardar miƙa aiki, in kuma nuna wa wanda aka zaɓa yadda ayyukan teburina suke. Ina roƙon a sanar da ni wanda zan miƙa wa makullai da fayiloli.

Naka cikin girmamawa,"

sai sa hannunka, cikakken sunanka da lambarka ta ma'aikaci.

Ka lura godiyar ta ambaci abin da ka koya da sunansa. Na bar ta gajeriya don kowace kalma a cikinta gaskiya ce, kuma za ka iya maimaita ta a gaban kowa ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Kada ka miƙa ta sai takardar ɗaukarka ta sabon wurin tana hannunka, da sa hannu da ranar farawa. Alƙawarin baki ko kiran waya bai isa ba. Da zarar an karɓi takardar ajiye aiki, janye ta sai da yardar ofis. Idan takardar sabon wurin ta zo, ka fara shiga wurin shugaban sashenka ka faɗa masa da bakinka, kada ya ji a bakin masinja. Sannan ka buga kwafi biyu na takardar ajiye aikin, ka kai ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayan, ka adana shi a gida. Wannan hatimin ne hujjarka idan aka yi gardama kan ranar da wa'adi ya fara.

Alƙawarin da ke sakin layi na uku kuwa ka cika shi har ƙarshe. Akawu amana ce a hannunsa, kuma duk fayil ɗin da ya ɓace bayan tafiyarsa sunansa za a kira. Ka jera a takarda kowane fayil da ke wurinka da lambarsa, waɗanda ke waje da wanda ya karɓa, makullai, hatimin ofis, da littafin ƙananan kuɗi idan kai ke riƙe da shi, bayan an ƙirga ragowar a gabanka. Kai da mai karɓa ku sa hannu, ka riƙe kwafi. Kada ka kwashi ko shafi ɗaya na ofis zuwa sabon wuri, ko da kai ka tsara shi.

Ka duba ranar da za ka miƙa ka gyara kwanan watan ya dace da ita, sannan ka kira ni ka faɗa mini yadda kuka yi da manajan. Mahaifiyarka tana gaishe ka, tana ta yi maka addu'a.

Naka,
Mahaifinka