Saƙo yana ɓacewa a WhatsApp, amma hoton da aka adana yana nan daram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin masu karatu kan saƙonni masu ɓacewa na WhatsApp, domin na ga jama'a sun saki jiki da su fiye da kima, musamman wajen tura hotuna.

A 2020 aka kawo tsarin, kuma yanzu mutum na iya zaɓar awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Idan ka taɓa sunan abokin hirarka za ka ga Disappearing messages, da zarar ka kunna sai alamar agogo ta fito a jikin hotonsa. Ƙidayar tana farawa ne daga lokacin da aka tura saƙo, ko an karanta ko ba a karanta ba, kuma ba ta shafar tsofaffin saƙonni.

A ce wata baiwar Allah ta kunna na awa 24, ta tura wa mai shagon kwamfuta hoton takardarta ta NIN ranar Litinin da ƙarfe goma na safe don ya cike mata fom. Talata da ƙarfe goma hoton zai ɓace daga hirar a wayoyinsu duka biyu, hankalinta ya kwanta. Gaskiya ne, a irin wannan hira WhatsApp ba ya zuba hotuna cikin ma'ajiyar hotunan waya da kansa. Amma in mai shagon ya buɗe hoton ya adana da hannunsa tun ranar Litinin, to kwafin ya fita daga hannun WhatsApp, agogon nan ba ya kai gare shi. Idan ma wayarsa tana ɗora hotuna a Google Photos, ya zama kwafi biyu ke nan. Haka yake in ya ɗauki hoton allon wayar, ko ya tura wa wani a hirar da ba a kunna agogo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne babu sanarwar da za ta zo mata a duk waɗannan. Sai in ya danna Keep don ya riƙe saƙon a cikin hirar ne za ta sani, kuma tana da ikon sokewa.

Wanda ya zama dole ya tura irin wannan takarda, gara ya taɓa alamar 1 da ke cikin da'ira kafin ya tura, wato View once. Sau ɗaya ake buɗe hoton, ba a iya adana shi ko tura shi gaba, ko da yake mai waya ta biyu zai iya ɗaukarsa a kan allo. Idan kuwa an riga an tura, mai takardar ta koma shagon ta nemi a goge shi a gabanta, har da kwandon shara na ma'ajiyar hotuna.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya