Wasiƙa daga Zariya: Kowa Bakwai da Rabi Yake Rubutawa

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawararka a kan wata al'ada da na tarar a wurin aikina, wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba amma ta fi dokar da aka rubuta ƙarfi.

Wata biyar ke nan da aka ba ni shugabancin wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Zariya, mai malamai 26. A makon farko na lura cewa a littafin sa hannu kowa 7:30 yake rubutawa, ko da kuwa ƙarfe tara ya shigo, kuma wanda ya riga zuwa yakan bar layuka a sama domin na baya su cike. Darasin farko na ƙarfe 8:00 yake shan wahalar wannan, domin a mafi yawan ranaku azuzuwa uku ko huɗu kan zauna babu malami.

Na yi gaggawa, na soma ja jan layi a littafin da ƙarfe 7:45. Makara ta ragu nan take, sai dai taron malamai ya koma shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, darussan yamma da suke yi wa 'yan ajin ƙarshe kyauta suka tsaya, sakamakon gwaji kuma ya riƙa zuwa a makare, ba tare da wani ya ce mini uffan ba.

Maigadinmu, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, shi ya ba ni tarihin abin. Wani shugaba da ya gabata yana yanke albashin yini guda a kan makarar minti biyar, ba ya sauraren uzuri, sai malaman suka shiga rufa wa juna asiri. Shugaban ya tafi, yankan ya tsaya, amma barin layi ya zauna har ya zama alamar zumunci, ta yadda sabon malamin da ya rubuta lokacinsa na gaskiya ake kallonsa a matsayin mai tona asirin 'yan'uwansa. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara wa abin gindin zama, domin masu tasowa daga Samaru da Shika sukan tsaya jiran abin hawa mai sauƙin kuɗi. A lokacin ne na tuna abin da aka koya mana a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello daga bayanin masanin al'adun wuraren aiki Edgar Schein, cewa al'adar ma'aikata hawa uku ce: abin da ido ke gani, abin da baki ke faɗa, da abin da kowa ya ɗauka gaskiya ne har ba a tattauna shi. Ni littafin na yaƙa, alhali abin da ke ƙasa shi ne imanin cewa faɗa wa shugaba gaskiya asara yake jawowa.

Saboda haka na daina jan layi. Na sake jadawali, na mayar da darussan malamai bakwai masu zuwa daga nesa zuwa darasi na biyu, na kuma daina tambayar wane ne ya makara, na koma tambayar wane aji ne bai samu darasin farko ba. Ni kaina ranar da na iso 7:50, haka na rubuta. Bayan mako shida, malamai huɗu sun fara rubuta lokacinsu na gaskiya, ban kuwa hukunta ko ɗaya ba, domin na san sauran suna kallon abin da zai same su.

Abu biyu suka tsaya mini yanzu. Akwai wani dattijon malami, sa'an mahaifina, wanda Baba nake kiransa, kuma a gindin darbejiyar da yake zama ake yanke kowace shawara kafin a shigo taro. Bai taɓa yi mini musu ba, amma har yau yana barin layi, kuma muddin yana yi, matasan ba za su daina ba. Shin in same shi a gida in nemi ya jagoranci gyaran da kansa, ko kuwa hakan zai tabbatar wa kowa cewa ragamar makarantar a hannunsa take?

Na biyu, mai makarantar ya ƙosa, yana so a kafa na'urar ɗaukar zanen yatsa kafin ƙarshen wannan zangon karatu. Na san za ta ba mu lokaci daidai, amma ina tsoron ta maimaita abin da jan layina ya yi, ta kuma nuna wa mutum huɗun nan cewa amanar da suka ba ni ba ta da amfani. Da wace hujja zan roƙe shi ya ba ni zango guda, kuma wace alama zan nuna masa da za ta gamsar da shi cewa gyaran yana tafiya?

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Wani shugaban makaranta, Zariya