Ɓawo mai maiƙo a kan jaririna, kuma daidai maɗiga

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari.

Ɗana na fari yana da wata 2. Tun yana sati 3 wani ɓawo ruwan ɗorawa mai maiƙo ya fara fito masa a tsakiyar kai, yanzu ya yi kauri ya manne, har ya ɗan sauko gira. Ba ya susa, ba ya zazzaɓi, yana shan nono yana barcinsa lafiya.

Da muka je rigakafi na nuna wa nas. Ta ce amosanin jarirai ne, ba makero ba, ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba ya yaɗuwa zuwa ga wani yaro. Wai fatar kansa ce ke fitar da maiƙo fiye da kima, sai matacciyar fata ta manne maimakon ta zube, kuma yawanci yakan tafi da kansa tsakanin wata 6 zuwa shekara 1. Ta koya mini in shafa basilin ɓawon ya yi laushi, in goge a hankali da burushi mai taushi, sannan in wanke da shamfu na jarirai in ɗauraye sosai, don man da ya rage yana ƙara kaurin ɓawon. Ta ja mini kunne kada in ɓamɓare da farce.

Gefen kai ya yi sauƙi. Matsalata ita ce mafi kaurin ɓawon yana kan maɗiga. Da na ga wurin yana motsi sai hannuna ya mutu, in wanke kewaye in bar tsakiya, ga shi nan yana ta taruwa. Likita, za a iya goga burushi a kan maɗiga ba tare da an cutar da shi ba? Kuma basilin ɗin minti nawa zai yi, ko ya kwana ne tunda ɓawon ya yi kauri? Kullum zan wanke kan ko da tsallake?

Surukata, da kyakkyawar niyya, ta ce a kankare da mataji a huta. Ban yarda ba, don na lura ko ɓawon da ya fita da kansa yakan tafi da 'yan gashi. Gashin zai dawo kuwa?

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne bayan kunnensa na hagu. Wurin ya yi ja, ya ɗan tsage, yana fitar da ruwa-ruwa, kuma yana kuka idan na taɓa. Nas ta ce idan na ga kumburi, jini, ruwa ko wari, in koma asibiti. Zan kai shi, amma ki taimaka ki faɗa mini abin da zan yi wa wurin kafin a gan mu: in ci gaba da shafa basilin, ko in bar shi a bushe?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Wata uwa mai sauraren shirinki