Kafin ka rubuta wa Alhaji maganar kuɗin hayar shagon nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Legas, ya iyali, ya kasuwa? Nan Kano lafiya lau sai zafi. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu, na ga abin ya fi ƙarfin amsar tsaye shi ya sa na zauna na rubuto. Ka ce hayar shagonka na Agege za ta ƙare 31 ga Maris, Alhaji mai shagon ya mai da ita miliyan 1 da dubu 200, kai kuma dubu 700 ce a hannunka, kana tunanin ka tura mai duka ka ce sauran in Allah ya hore. Don Allah kar ka yi haka.

In ka kwashe 700 ɗin nan ka ba shi da me za ka saro kaya? Shago ne zai biya sauran, kuma shagon da babu kaya a kanta ba ya biyan komai. Sannan kalmar in Allah ya hore ɗin nan, mu a wajenmu ladabi ce, amma mai shago abin da yake ji shi ne babu rana. Shi ma fa da lissafinsa, wataƙila kuɗin makarantar yara ya ɗora a kan hayar nan, abin da yake so ya sani nawa ne kuma yaushe.

Ga yadda zan yi in ni ne. Ka ce bayan cefanen gida da kuɗin wuta da na yaron shago, abin da ke saura maka a wata wajen dubu 150 ne. To wata uku 450 ke nan. Kar ka yi alƙawarin 450, ka yi na 350, ɗarin nan ka bar ta saboda watan da kasuwa za ta yi sanyi ko wani ya kwanta rashin lafiya. Sai ya zama dubu 500 ranar 1 ga Afrilu, dubu 350 ranar 30 ga Yuni, dubu 350 ranar 30 ga Satumba, ka ga ta cika cif, kuma dubu 200 ta rage maka ta kaya. Na san za ka ce me zai hana a raba ta wata goma sha biyu, dubu ɗari-ɗari, ai ya fi sauƙi. Ya fi sauƙi bana, amma ranar da ka gama biya ranar sabuwar haya za ta tsaya a ƙofa ba ka tara ko sisi ba. In ka gama a Satumba kana da wata shida na tarin ta baɗi.

Akwai kuma wani dalilin da ya fi wannan, kuma shi ne ma ya sa na ce sai a rubuce. A dokar haya ta jihar Legas ta 2011, in yarjejeniyarku ba ta faɗi wani abu daban ba, ɗan hayar shekara notis ɗin wata shida ake ba shi kafin a tashe shi, mai biya duk wata uku notis ɗin wata uku, mai biya wata-wata kuwa wata ɗaya kacal. Kuma in babu wata shaida, da lokacin da ake biya ko ake neman kuɗin ake gane wane irin ɗan haya ne kai. Ka ga in ka koma tura kuɗi kaɗan-kaɗan ba takarda, ranar da aka ɓata ana iya cewa ai kai ɗan wata ne. Don haka layi ɗaya dole ya shiga wasiƙar, cewa hayar ta shekara ce tana nan yadda take, biyan ne kawai aka raba. Ka ɗauko tsohuwar yarjejeniyarku ma ka duba me ta ce kan notis, don in ta faɗi wani abu ita za a bi.

Wasiƙar kar ta wuce shafi ɗaya. Bayan kwanan wata da gaisuwa, wani abu kamar haka:

"Ranka ya daɗe, ni ne ɗan hayarka na shago mai lamba kaza, shekara huɗu ke nan ina biya a kan lokaci. Bana jarina ya shige cikin kaya, ina roƙon alfarma ka karɓi hayar 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris, naira 1,200,000, a kashi uku: 500,000 ranar 1 ga Afrilu, 350,000 ranar 30 ga Yuni, 350,000 ranar 30 ga Satumba. Zan riƙa turawa ta asusunka na banki, a ba ni risit na kowane kashi. Hayar tana nan ta shekara, biyan ne kawai aka raba, kuma na bana ne kaɗai. In na hango matsala zan sanar da kai a rubuce mako biyu kafin ranar. In ka amince ka sa hannu a ƙasa."

Shi ke nan. Kar ka cika ta da kuka, labarin tsadar mota da wanda ya ci maka bashi ka bar shi sai kun zauna, in ya yi yawa a takarda sai ya ga kamar shagon ne ke mutuwa ya fara neman wani.

Abin da ba za ka yi alƙawari ba kuma, kar zumuɗin ya ce to ya sa ka rubuta cewa in ka saɓa rana ɗaya ya kulle shago ko ya kwashe kaya, mutane na rubuta wannan da hannunsu wallahi. In ya nace sai an sa abin da zai biyo bayan saɓawa, ka nemi a ba ka kwana goma sha huɗu na uzuri tukuna. Kar ka yarda da ƙarin kuɗi saboda jinkiri, dubu kaza duk mako, wannan ka san hukuncinsa a addini ba sai na faɗa maka ba. Cekin banki mai kwanan wata na gaba shi ma ka yi hattara, in ranar ta zo babu kuɗi a asusun ceki ya dawo, magana ta tashi daga bashi ta koma laifi, dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu a kai.

Ni abin da ya ci ni shekarun baya, na sa ranar biya daidai ranar da wani kwastoma ya ce zai kawo min kuɗina, bai kawo ba sai bayan kwana tara, ni kuma kunya ta hana ni ɗaga waya. Da na je mai shagon bai yi maganar kwana taran ba sam, shirun ne ya ɓata mai rai, shekarar da ta biyo ko sauraron maganar rabawa bai yi ba. Shi ya sa na sa maka layin mako biyun nan.

Ka kai takardar tun yanzu, kar ka bari sai Maris ta raba. Kai da kanka za ka je, da wani dattijo na layinku da Alhaji ke jin nauyinsa, ku fara magana da baki sannan ka miƙa. In ya ce haba ai mun zama ɗaya meye na takarda, ka ce ranka ya daɗe saboda rai ne, kuma aya ta 282 a Baƙara ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu, ba zai musa ba. Kwafi biyu, kowa ya sa hannu da shaidu biyu, ka ɗauki hotonta ka tura mai ta WhatsApp. In eja ne, wato wakilin Alhaji, ke karɓar haya, shi ma a ba shi kwafi, amma sa hannun mai shagon kake nema, don eja na iya cewa ba komai gobe Alhaji ya ce bai san zancen ba. Wajen tiransifa kuma ka rubuta hayar shago kashi na ɗaya, kar ka bar gurin fayau.

In ya ce 500 ta yi kaɗan kana iya hawa zuwa 600, kashi biyun su koma 300-300, amma kar ka wuce nan. Ka turo min abin da ka rubuta in duba kafin ka buga. Ka gaida mai ɗakinka da yara, su Inna ma suna gaishe ka.

Naka,
abokinka na Kano