Sau nawa dala ke shiga farashin fanka ɗaya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi bayani kan tambayar da ake yawan yi a Agege da Idi-Araba: idan dala ta ninka sau biyu, me ya sa wani kayan waje yake wuce ninki biyu? Dalili shi ne dala tana shiga farashin kaya ta ƙofa fiye da ɗaya.

Mu ɗauki ɗan kasuwar Alaba da ya yi odar fanka 1,000 daga China, kowace a kan dala 10. Kuɗin kaya dala 10,000 ke nan. Mu ƙaddara kuɗin jirgin ruwa da inshora sun ci dala 2,000, domin su ma da dala ake biyansu. Jimla dala 12,000 kafin kwantena ta iso Apapa ko Tin Can.

A farkon 2023, farashin gwamnati wajen naira 460 ne kan dala ɗaya, amma ƙaramin ɗan kasuwa ba kasafai yake samunta a banki ba. Wurin 'yan canji yake zuwa ya saya a kan wajen naira 750. Dala 12,000 ɗin nan ta ci masa naira miliyan 9.

Ƙofa ta biyu ita ce kwastan, kuma nan ne mutane da yawa ba su lura ba. Kwastan na ɗaukar darajar kaya da kuɗin jirgi da inshora, ta mayar da su naira da farashin gwamnati, sannan ta cire kasonta. Mu ce harajin fanka kashi 20 cikin ɗari ne. A kan 460, zai biya naira miliyan 1.1. Sai harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake ɗorawa a kan darajar kayan haɗe da harajin kwastan ɗin kansa, wajen naira 497,000. Gaba ɗaya miliyan 10.6, wato kowace fanka ta tsaya masa a kan naira 10,600, ban da sauran ƙananan caji.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma zuwa Fabrairun 2024 farashin gwamnati ya kai wajen 1,500. A maimaita lissafin da wannan farashi: kaya miliyan 18, kwastan miliyan 3.6, VAT miliyan 1.62. Fanka ɗaya ta koma naira 23,220. Kuɗin sayen dala ya ninka sau biyu ne kawai, amma na kwastan ya haura ninki uku, alhali ba a ƙara ko kashi ɗaya a harajin ba. Ba mu ma sa kuɗin ejan mai fito da kaya da na tirela ba, ita kuma tirelar tayoyinta da kayan gyaranta daga waje suke zuwa.

Abin da ya fi ɓata wa masu saye rai shi ne tsohon kaya da sabon farashi. A nan muna ganin ana yi wa 'yan kasuwa rashin adalci. Wanda ya sayar da fankokinsa na da a kan naira 12,000 ya ci riba a takarda, ya tara miliyan 12. Idan ya kai wa ɗan canji a kan 1,500, dala 8,000 za a ba shi, kashi biyu cikin uku na abin da kwantenar ke buƙata, ga kwastan na jiransa. Ya yi haka sau biyu, uwar kuɗi ta tafi. Shi ya sa mai hankali yake sa farashi da kuɗin da zai sake sayo kayan.

Saukowa kuwa tana jinkiri, domin tsakanin biyan kuɗi da isowar kaya daga China akan yi wata biyu ko fiye. Kayan da ke shago yau da dalar wancan lokacin aka saye su.

Duk da haka akwai masu fakewa da guzuma su harbi karsana, kuma ana iya gane su da lissafi. A tambaya kashi nawa ne na farashin kaya yake bin dala. Idan kashi 70 ne, dala kuma ta tashi da kashi 10, ƙarin da ya halatta kashi 7 ne. Wanda ya ƙara kashi 25 ya wuce gona da iri. Haka wanda naira ta farfaɗo wata uku, ya sauke sabuwar kwantena a kan sabon farashi, amma har yanzu yana cewa dala ce.

Muna kira ga jaridarka da ta riƙa buga farashin canjin da kwastan ke aiki da shi kusa da na 'yan canji, domin masu saye a Alaba da Idumota su iya yin wannan lissafin da kansu.

Naku,
Wasu masu fiton kaya, Apapa, Legas