Lissafin da ka turo min bai fita ba

Assalamu alaikum Babana,

Ya karatu, ya ƙoƙari? Na ga saƙonka tun jiya da daddare, ban amsa ba ne saboda lissafin ya tsaya min a rai, sai da na ɗauko biro da takarda na zauna a kai. Ka ce CGPA ɗinka 3.30 ne, kana son ka fita da 3.50 wato sakan kilas ofa, don haka in ka samu 3.70 a wannan shekarar ta ƙarshe shikenan ka haye. Na gane yadda ka yi, ka haɗa 3.30 da 3.70 ka raba biyu ya ba ka 3.50. To Babana wannan lissafin zai kai ka ya baro ka, gara ka ji daga bakina yanzu da ka gani a allon sakamako.

Raba biyu yana aiki ne kawai in abin da ka yi da abin da ya rage nauyinsu ɗaya. Kai kuwa a takardar da ka ɗauko min hotonta ka riga ka yi yunit 90, saura 30 ka cika 120. Shekara uku ce a bayanka, ɗaya a gabanka, kenan abin da ya wuce ya ninka wanda ya rage sau uku a nauyi, ba yadda za a yi su ja daidai.

Ka manta da CGPA tukuna, ka koma kan foyin, don shi ake tarawa. Kowane kwas ana ninka yunit ɗinsa da darajar abin da ka ci, a ma'aunin makarantarku A biyar ce, B huɗu, C uku, haka har ƙasa. Kwas mai yunit 3 da ka ci B ya ba ka foyin 12. In an tara duka a raba da jimillar yunit shi ne CGPA ɗin. Naka 3.30 sau 90 ya ba da 297, kuma na duba, 297 ɗin ce a rubuce a ƙasan takardar. Wanda zai fita da 3.50 a yunit 120 kuwa sai ya tara 3.50 sau 120, wato 420. Cire 297 daga 420, saura 123. Wannan 123 ɗin ita ce bashin da ke kanka, kuma a cikin yunit 30 za ka biya shi. Raba 123 da 30, ya ba ka 4.10. Ga shi a dunƙule don ka ajiye:

GPA = (3.50 × 120 − 297) ÷ 30 = 4.10

Da ka bi naka lissafin ka samu 3.70 ɗin, foyin 111 za ka ƙara, ya zama 408, a raba da 120 ka tashi da 3.40. Kana murna ka cika alkawari alhali da sauranka.

Yanzu 4.10 ɗin nan me take nufi a zahiri, don lamba ce kawai in ba a fassara ta ba. Ka ɗauka ka ci B a komai, ba C ko ɗaya, yunit 30 sau huɗu 120 kenan, ka ga saura foyin uku ka kai. Wato B zalla ma ba za ta fitar da kai ba, wannan ne ya sa na ce sai na rubuto maka da tsawo. Amma A guda ɗaya a kwas mai yunit 3, sauran duka B, ta cika 123 cif. Daga nan kuma duk C ɗin da ka yi a kwas mai yunit 3 ta zaftare maka foyin uku, sai ka nemo wata A a mai yunit 3 ta toshe ramin. C biyu, A uku kenan kake nema. Kana iya yin wannan ƙidayar da yatsu ba sai da kalkuleta ba.

Inda nake son ka sa ido sosai shi ne furojet ɗinka, tunda ka ce yunit 6 ne. A a furojet foyin 30 ce, B 24, C kuma 18, tsakanin A da C foyin 12 kenan a abu guda, daidai da kwas ɗaya sukutum da aka ci B. Na san halinka, kana iya kwana uku kan kwas mai yunit 2 saboda kana jin daɗin lakcaran, ka bar babi na biyu na furojet yana jiranka har sati uku, to lissafi bai san daɗin lakcara ba, yunit ya sani.

Maganar fes kilas da mamanka take ta yi, na lissafa mata ita ma. 4.50 sau 120 ya kama 540, cire 297 saura 243, a yunit 30 sai ka samu GPA 8.10 a ma'aunin da ya ƙare a biyar. Ko A ka ci a komai foyin 150 ne, ka tashi da 447, wato 3.72 da ɗan ɗoriya, nan ne iyakar inda za ka iya kaiwa. Duk lokacin da amsar ta haura biyar to ƙofar ta rufe. Ta ɗan yi shiru, daga baya ta ce Allah ya sa albarka a wanda ake nema.

Abu biyu ka tabbatar min kafin ka dogara da 4.10 ɗin. Na farko 90 ɗin nan, yunit ɗin da ka yi rajista ne ko wanda ka ci? Takardar sakamako takan nuna su daban, kuma a makarantu da yawa da wanda aka yi rajista ake rabawa, har da kwas ɗin da aka faɗi, F tana shiga da yunit ɗinta amma foyin sifili. In akwai kariyoba da ba ka faɗa min ba, ba faɗa zan yi ba, amma lambobin za su canza, misali mai yunit 3 zai mai da ragowar 33, jimilla 123, sai a sake lissafin daga farko. Ka je wurin malamin da ke kula da sakamakon ajinku ka tambaye shi yadda dokarku take a kan maimai. Na biyu kar ka sa rai za a cika maka. Foyin 419 a raba da 120 yana ba da 3.49, foyin ɗaya tak ya rage amma 3.49 ba 3.50 ba ce.

In sakamakon samistar farko ya fito ka sake zama ka yi lissafin, kar ka jira ƙarshe. A ce kwas biyar ka yi masu yunit uku-uku, ka ci B huɗu da C ɗaya, foyin 57 kenan. Cire daga 123, saura 66 a yunit 15, GPA ɗin da kake nema ya tashi zuwa 4.40. Da jin lambar gabanka zai faɗi, amma duba, A a furojet 30, sauran kwas uku B 36, ka haɗa 66 daidai. In kuma samistar farkon ta yi kyau ka tara 63, to B zalla ta ishe ka a ta biyu.

Ka turo min jerin kwasa-kwasan shekarar nan da yunit ɗin kowanne, da wanda kake jin tsoro a ciki, mu zauna a waya ranar Asabar mu ga inda A ɗin za ta fi sauƙin fitowa. Mamanka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'a.

Mahaifinka