Babana, ka je ka yi wa abokinka gaisuwa

Assalamu alaikum Babana, ya aiki ya Abuja, ya zafi? Mu nan Jos sanyi ya fara shigowa, kowa lafiya, Abbanku na gaishe ka.

Maganar da ka yi min a waya ce ta hana ni sukuni shi ya sa na ce bari in rubuto, don a waya in na fara kai sai ka ce toh Umma toh Umma ka katse. Ka ce tunda abokin nan naka ya dawo daga makokin amininsa ya canza, baya ɗaga waya, baya fitowa, kuma da kuka haɗu sai ka rasa me za ka ce masa tunda ba ɗan'uwansa ne ya rasu ba. Toh wannan kalmar ta ƙarshe ita nake so mu tsaya a kanta, don ita ce take cin yaron nan, kowa da kowa haka yake tunani kuma shi yana gani a fuskokinku.

Ka duba yadda abin ya faru masa. Shekara da shekaru suna tare tun sakandare, ɗaki ɗaya suke haya a Kubwa, marigayin ya zo gida Jos jinya ya rasu da dare, ba wanda ya tuna ya kira shi, a sitatus ɗin WhatsApp ya ga hoton da asuba. Ya shiga mota ta Keffi da Akwanga, kafin ya iso an sallace shi an kai shi maƙabartar Zaria Road an dawo. Ba laifin iyayen ba ne, mu ba ma ajiye gawa, kuma wanda ɗansa ya mutu ba ya cikin hayyacin da zai tuna lambar kowa. Amma shi dai bai wanke ba, bai ɗauki makara ba, bai zuba ƙasa ba. Sannan a zaman makoki ka san yadda ake yi, uba da baffanni da yayye su ne a kan tabarma ana zuwa ana ce musu ya haƙuri, aboki kuwa shi ne mai shimfiɗa tabarmar, shi ne mai ɗauko ruwa da kujeru, shi ake aika kasuwa, mutane su wuce shi su je su yi wa wani kawu gaisuwa wanda rabon da ya ga yaron tun yana firamare. Kwana 3 aka share makoki kowa ya watse, shi ya koma Abuja ya buɗe ƙofa ya tarar da takalman mutumin a inda ya bar su. A ofis ma ka ce da ya nemi ƙarin kwana oga cewa ya yi ai ba ɗan gidanku ba ne. Wallahi ni da na ji wannan sai da hawaye suka zo min.

Abu na farko, ka je da ƙafarka. Kar ka tura saƙo, kar ka ce masa in kana buƙatar wani abu ka kira ni, ba zai kira ba. Ka je ɗakin, ka zauna, ka yi masa gaisuwa cikakkiya irin wadda za ka yi wa wanda ya rasa wansa uwa ɗaya uba ɗaya: ya haƙuri, ashe wane lokaci ya yi, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa ya sa ya huta, Allah ya ba ka haƙurin rashinsa. Ka lura na ce ya ba KA, don duk kwanakin nan abin da yake ji shi ne Allah ya ba iyayensa haƙuri, shi ma yana cewa amin tare da jama'a kamar ɗan kallo. Ka ambaci sunan marigayin da bakinka kar ka ce "mutumin nan". In kana so ka ƙara da ta'aziyyar da Annabi (SAW) ya aika wa 'yarsa lokacin da ɗanta yake gargara, ma'anarta na Allah ne abin da ya karɓa, nasa ne abin da ya bayar, kowane abu yana da ajalinsa a wurinsa, ka yi haƙuri ka nemi lada. Kuma kar wani ya ce maka ai kwana 3 sun wuce, ba a yi wa shi yaron nan ko sau ɗaya ba, yaushe nasa ya fara balle ya ƙare.

Daga nan sai ka yi shiru. Na san ka da son gyara magana, ka danne. In ya yi kuka ka bar shi, kar ka ce haba kai fa namiji ne, kar ka ce in kai kana haka mahaifiyarsa ta yi yaya. Wannan ta biyun ita ce mafi muni don ka nuna masa ko baƙin cikin ma bai da hakkin yi sai an auna da na wani. Kuma kar ka ce ga mu nan ai za mu maye maka gurbinsa, ba za ku maye ba, shi ma ya sani. In wani mai wa'azin tsaye ya ce masa kuka rashin tawakkali ne, ka tuna masa a shekara ta 8 bayan hijira da aka yi yaƙin Mu'uta, Annabi (SAW) da kansa ya sanar da shahadar Zaidu da Ja'afar da Abdullahi ɗan Rawaha idanunsa na zubar da hawaye, kuma Ɗan Rawaha mutumin Madina ne ba danginsa ba. Annabi (SAW) ya kuma faɗa cewa Allah ba ya azabtarwa saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, harshe ne ake kamawa da shi. Addininmu bai raina abota ba ko kaɗan, ka buɗe Suratun Nur aya ta 61 inda aka jero gidajen da mutum zai ci abinci ba tare da takura ba, bayan na iyaye da 'yan'uwa da baffanni da gwaggonni da kawunnai har gidan aboki an sa a ciki.

Abin da na fi zato yana damunsa kuma bai faɗa ba shi ne rashin samun jana'izar, da kuma tunanin da na sani na bi shi Jos da ya tafi jinya. In ya furta, kar ka yi saurin cewa ba komai. Ka tambaye shi yaushe suka yi maganar ƙarshe, me suka ce, ka bar shi ya ba da labarin ko sau nawa zai maimaita. Sannan ka ce masa ku zo Jos tare wata Asabar ɗin, ku sauka nan gida, a samu ƙanin marigayin ya raka ku ya nuna masa kabarin ya tsaya ya yi masa addu'a. Kar ku ɓata lokaci don kabari a babbar maƙabarta in an daɗe gane shi wahala yake. Akwai hadisin matar nan mai share masallaci da aka binne ba a sanar da Annabi (SAW) ba, ya ce me ya sa ba ku faɗa min ba, ya je kabarinta ya yi mata sallah. Malamai sun saɓa a kan ko kowa zai iya yin hakan, don haka wannan ya tambayi malaminsa, amma ziyara da addu'a ba mai hana shi.

Yanzu maganar kayan ɗaki, nan nake so ka nutsu don nan ake ɓata zumunci ba da niyya ba. Duk abin da marigayin ya bari, katifa, kaya, waya, kwamfuta, katin banki, har rabonsa na kuɗin hayan da suka biya gaba, ya zama na magada. Aboki ba ya gado komai kusancinsa, kuma wannan ma wani ciwon ne, amma haka hukuncin yake. Mutum cikin kewa sai ya riƙe agogo ko riga ya ce don tunawa, ko ya kwashe kayan ya ba almajirai ya ce sadaka ce ga mamaci, duk biyun ba daidai ba ne sai da yardar masu shi. Ka taya shi ku zauna da takarda da biro ku rubuta komai, abin da suka saya tare kamar firiji ko janareta a rubuta nawa kowa ya sa, ku ɗaure ku kawo wa mahaifin. In yana son wani abu ya roƙa a fili, ya ce Baba ina so a bar min hularsa ko a sayar min, in magadan duk manya ne suka yarda shikenan, in akwai ƙananan yara a ciki gara a yi mata kuɗi ya biya. Kar ka bar shi ya yi wannan haɗa kayan shi kaɗai.

Sai bashi. Samari abin da suke ɓoye wa iyaye aminai ne suka sani, wa yake bi, wa ke binsa, adashen da yake zubi a ofis, mai shagon da yake karɓar kaya a wurinsa. Ana biyan bashi ne kafin a raba gado, toh in shi bai faɗa ba wa zai faɗa? Ya rubuta ya kai wa mahaifin a keɓe ba cikin taro ba. Amma sirrin da ba hakkin kowa a ciki ya binne shi, kuma in ya san lambar buɗe wayar kar ya bi saƙonni yana karantawa. Ka ga wannan aikin ba wanda zai iya sai shi, kuma in ya yi zai ji cewa ya yi wa amininsa wani abu da hannunsa tunda bai samu ɗaukar makara ba.

Ka kuma ce masa kar ya yanke ƙafa da gidan. Wasu suna gudu wai kar uwar ta gan su ta tuna, alhali ita ba mantawa ta yi ba, so take ta ga wanda zai ba ta labarin yadda ɗanta yake rayuwa a Abuja, me yake ci, wa yake taimako. Annabi (SAW) bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta nama, toh in an kula da ƙawayen mamaci haka, shi ma abokin ya kula da iyayen, ko kiran waya ne ranar Juma'a da ɗan abin da ya samu da sallah.

Kai kuma aikinka ba na rana ɗaya ba ne. Sati biyu na farko mutane suna ɗan tunawa, daga baya ne shiru yake yi, musamman lokutan da suka saba tare, bayan an tashi aiki, kallon ƙwallo, buɗa baki in azumi ya zo. Ka sa ido. Rashin barci da rashin son abinci a makonnin farko ba abin tsoro ba ne, suna raguwa a hankali. Amma in ka ga wata da watanni abin gaba yake yi, ya daina zuwa aiki, ya rame, ya fara shan maganin barci ko kodin don ya samu ya runtsa, toh ba haƙuri za ka ci gaba da ba shi ba, ka kai shi asibiti ya ga likita. In kuwa ya fara cewa gara ya bi shi ko rayuwar ta ishe shi, ranar ba za ka bar shi ya kwana shi kaɗai ba, ka kira yayansa ko mahaifinsa ko da zai ji haushinka, ku kai shi a ranar.

In za ka je ka tafi da abinci dafaffe ku ci tare, kar ka tambaye shi ko ya ci don zai ce eh. In ɗakin ya yi masa nauyi ka ɗauke shi ya kwana biyu a wurinka. Ka turo min lambarsa ni ma zan kira shi in yi masa gaisuwa, kuma ka faɗa min Asabar ɗin da za ku taho don Abbanku ya ce shi zai raka ku gidan mahaifin marigayin da kayan. Ku taho da rigunan sanyi.

Allah ya yi maka albarka.

Ummanka